Lambar KV ba ƙarfi ba ce: yadda ake zaɓar moto, farfela da ƙwaƙwalwar ƙaramin jirgi mai kyamara

Tun da ɗaukar hoto daga sama ya zama ado a bukukuwan aure, hawan salla da waƙoƙin finafinai, matasa masu sana'ar bidiyo suka shiga neman jirgi marar matuƙi ido rufe. Wanda kamfani ya haɗa ya gama, irin na DJI, kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihun da yawa daga cikinsu, shi ya sa wasu suka koma sayo kayan ɗaya bayan ɗaya su haɗa da hannunsu. Abin a yaba ne. Sai dai akwai wata magana da ta yaɗu a tsakaninsu har ta zama kamar karatu: wai idan kana son jirginka ya ɗauki kyamara mai nauyi, to ka nemi moton da lambar KV ɗinsa ta fi girma, domin ita ce ƙarfinsa. Masu sayar da kayan ma ba sa gyara wa mai saye, tunda babbar lamba tana sayar da kaya. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma ita ce ke sa moto ya ƙone tun kafin jirgi ya ɗauko hoton kirki ko ɗaya.

KV tana faɗin abu guda ne kawai: sau nawa moto zai juya a minti ɗaya a kan kowane bolt na wuta, idan babu farfela a kansa. Moton da aka rubuta wa 2450KV, in aka ba shi batir mai ɗaki huɗu, wanda ake rubuta wa 4S, mai bolt 14.8, zai juya kusan sau 36,000 a minti. Wanda aka rubuta wa 1750KV kuma, in aka ba shi batir mai ɗaki shida, 6S, mai bolt 22.2, zai juya kusan sau 39,000. Ka ga ke nan mai ƙaramar lambar ma ya ɗan fi gudu, domin kowanne an naɗa shi ne daidai da batirin da zai ci. Duk mai naɗin kwayil ya san sirrin: waya mai kauri da naɗi kaɗan tana ba da KV mai yawa, siririyar waya da naɗi mai yawa tana ba da KV kaɗan. Ƙarfen da maganaɗisun ba su canza ba, don haka iyakar aikin da moton zai iya yi kafin ya yi zafi ma bai canza ba.

Ƙarfin yana cikin ɗaya lambar, wadda ba a cika kula da ita ba. Idan ka ga an rubuta 2207, ana nufin ƙarfen da aka naɗa wa waya a ciki yana da faɗin milimita 22 da tsayin milimita 7. Na 1404 kuwa faɗinsa 14 ne, tsayinsa 4. In aka auna girman jikinsu, na farkon ya ninka na biyun fiye da sau huɗu, kuma gwargwadon wannan girman ne yake iya murɗa babbar farfela. Amma je ka duba KV ɗinsu: ɗan ƙaramin 1404 sau da yawa yana zuwa da 3800KV ko sama da haka, alhali babban yana 1750KV. Da zancen da ake yi gaskiya ne, ai da ɗan ƙaramin ne zai ɗauki GoPro ya bar babban a ƙasa.

Mai babur zai fi saurin gane wannan. Girman moto shi ne girman inji, KV kuma kamar giya ce. Giya ta huɗu ta fi ta ɗaya gudu, amma ba ta ƙara wa inji ƙarfi ba. Ɗora buhu biyu na masara ka tunkari hawa da giya ta huɗu, za ka ji injin yana nishi, yana zafi, babur kuma ba ya gaba. Haka moto mai KV da yawa yake yi idan aka ɗaura masa farfelar da ta fi ƙarfinsa: yana zuƙar wuta mai yawa domin ya kai gudun da aka naɗa shi ya yi, ba ya kaiwa, sai wutar ta koma zafi a cikin waya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauki moton 2450KV na batir mai ɗaki huɗu a jona masa mai ɗaki shida, wai don a ƙara masa kuzari. Batir mai ɗaki shida in ya cika yana da bolt 25.2, don haka moton zai nemi juyawa sama da sau 61,000 a minti. A nan lissafin iska yake kama mutum. Wutar da farfela take ci ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta. In gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin ɗagawa yana ninkawa sau huɗu, wutar da ake ci kuma sau takwas. Ƙarin rabi a kan gudu, wanda shi ne bambancin batiran nan biyu, yana neman wuta fiye da ninki uku. Ko dai moton ya yi hayaƙi, ko na'urar da ke ba shi wuta ta fashe, wani lokaci a sama, bisa kawunan jama'a. Wanda ya riga ya sayi irin wannan moto yana da mafita a manhajar Betaflight, inda zai rage iyakar abin da ake tura wa moton zuwa kashi biyu cikin uku:

```
set motor_output_limit = 66
save
```

Wannan dabara ce ta ceto, amma gara tun farko a sayi abin da ya dace.

To ta ina ake farawa? Ta sikeli. Kafin ka sayi komai, rubuta nauyin duk abin da zai tashi. Bari mu ɗauki jirgi mai farfela inci biyar, wanda shi ne aka fi haɗawa don ɗaukar GoPro. Firam ɗinsa wajen giram 110 ne. Moto huɗu na 2207, kowanne kusan giram 33, sun kama 130. Ƙwaƙwalwar jirgin da allon da ke rarraba wa motoci wuta, wanda za ka ga an rubuta ESC a jikinsa, giram 25 ne su biyun. Farfela huɗu ba su wuce 16 ba. 'Yar kyamarar da matuƙi ke gani da ita, da na'urar aika hoto, da ta karɓar umarni daga rimot, da eriyoyinsu, a ba su 40. Wayoyi, sukurori, dalma da maɗaurin batir su ma a ba su 40, domin su ne kullum ake mantawa da su. Jimilla ta kai kusan giram 360. Batir mai ɗaki shida na 1300mAh zai ƙara wajen 220, GoPro ta zamani kuma tana kusa da 155, da mazauninta a ce 170. Jirgin a shirye ya kama giram 750.

Raba wannan gida huɗu. Kowane moto sai ya ɗaga kusan giram 190 kafin jirgin ya tsaya cik a iska. Ƙa'idar da masu haɗawa suka daɗe a kanta ita ce, ƙarfin ɗagawar motocin gaba ɗaya kada ya gaza ninki biyu na nauyin jirgi, kuma ga mai ɗaukar hoto a fili inda iska ke kaɗawa, ninki uku zuwa huɗu ya fi kwanciyar hankali. Dalili shi ne jirgi mai farfela huɗu ba shi da wata hanyar daidaita kansa sai ta ƙara wa wannan moto gudu a rage wa wancan. In motocin sun riga sun kusa ƙurewa don kawai su riƙe shi a sama, babu sauran abin da za a gyara tangaɗi da shi idan iska ta buge shi.

Daga nan sai a duba teburin gwaji da kamfanonin kirki suke fitarwa tare da kowane moto, mai nuna nauyin da ya ɗaga da wutar da ya ci a kan farfela kaza da batir kaza. Moton da ba shi da irin wannan tebur, ni dai ba na ba da shawarar a saye shi, kome arharsa. Na 2207 mai 1750KV a kan batir mai ɗaki shida da farfela inci biyar yakan ɗaga wajen kilo ɗaya da rabi idan an ƙure shi, yana cin amfa 35 zuwa 40. Huɗu sun ba da kilo shida ke nan, ninki takwas na jirginmu. Wato ƙarfin ya riga ya yi yawa, kuma mai neman ƙarin KV a kan wannan yana neman abin da ba zai taɓa amfani da shi ba.

Layin da ya fi muhimmanci a teburin ba na ƙarshe ba ne, wanda kowa ke kallo. Na wajen giram 190 ne, inda jirgin zai yi yawancin rayuwarsa. A nan irin wannan haɗi yakan ɗaga kusan giram biyar da kowane wat ɗaya na wuta. Giram 750 na buƙatar wat 150 ke nan, wanda a kan bolt 22.2 ya kama kusan amfa bakwai. Ba a zuƙe batirin litiyom har ƙarshe, ana barin kashi ɗaya cikin biyar, saboda haka abin da ke hannunka bai fi 1040mAh ba. Raba shi da amfa bakwai, ka samu kusan minti tara na tsayuwa wuri ɗaya. Da zarar an fara bin motar amarya ko dawaki, sai ya dawo minti huɗu zuwa shida. Gara mai sana'a ya san wannan tun kafin ya yi wa masu biki alkawarin ɗaukar hawa tun daga fari har ƙarshe da batir biyu.

Akwai kuma wani ragi da teburin ba zai faɗa maka ba. Iska mai zafi ba ta da kauri, haka ma iskar tudu. A Kano, wadda ke kusan mita 480 sama da teku, ranar da zafi ya kai digiri 40 a watan Afrilu, kaurin iska yana raguwa da fiye da kashi goma cikin ɗari idan aka gwada da ma'aunin da injiniyoyi ke lissafi da shi, na bakin teku a digiri 15. Farfela a gudu ɗaya za ta ɗaga ƙasa da abin da aka rubuta da kusan wannan gwargwado, moton kuma ga shi iskar da za ta sanyaya shi ita kanta mai zafi ce. Jirgi mai ninki takwas ba zai ji komai ba. Wanda aka haɗa a kan ninki biyu cif, shi ne zai tashi lafiya da safe ya kasa da azahar.

Farfela ita ce mafi arha a cikin kayan, kuma ita ce ke yanke hukunci a kan sauran. Lambarta, misali 5143, tana nufin faɗin inci 5.1 da karkatar inci 4.3, wato nisan da za ta ci gaba a juyi ɗaya da a ce iska ba ta zamewa. In an rubuta 5.1x4.3x3, ukun ƙarshe yawan fukafukanta ne. Karkata mai yawa tana ba da gudu, amma tana cin wuta, tana kuma sa jirgi ya riƙa zabura da ɗan taɓa sandar rimot. Mai ɗaukar hoto ba tsere yake yi ba. Farfela mai karkatar inci 3.5 zuwa 3.8 za ta ba shi tafiya mai laushi da moto mai sanyi.

Faɗi kuwa ba abin wasa ba ne. Babbar farfela mai juyawa a hankali ta fi ƙarama mai gudu tattalin wuta, shi ya sa masu son daɗewa a sama suke komawa inci bakwai. Amma a gudu ɗaya, farfelar inci bakwai tana neman wuta fiye da ninki biyar na ta inci biyar mai irin siffarta. Saboda haka duk wanda ya ƙara faɗi dole ya ƙara girman moto ya kuma rage KV: inci bakwai yana tafiya da moto irin 2806.5 mai wajen 1300KV a batir mai ɗaki shida. Ka lura, jirgin da ya fi ɗaukar kaya shi ne mai ƙaramar KV. Wanda kuma aikinsa cikin zauren biki ne, kusa da mutane, inci biyar ma bai dace da shi ba sam, domin farfelarsa tana yanka fata har ta kai ga ɗinki. Nasa shi ne ɗan ƙarami mai inci uku ko ƙasa da haka, wanda aka kewaye farfelunsa da zobe, da kyamara marar nauyi.

Allon ESC ba ya buƙatar dogon tunani idan an riga an san moto. Teburin ya ce amfa 40 a ƙure, sai ka sayi mai 45 zuwa 55 a kowane moto, wanda aka rubuta yana ɗaukar 6S. Kafasiton da ke zuwa a cikin kwalinsa ba kyauta ce ta banza ba. A liƙa shi da dalma daidai inda wayoyin batir suka shiga, da gajerun ƙafafu, kuma ga batir mai ɗaki shida kada ya gaza bolt 35. Shi ke shanye tsallen wutar da motoci ke haifarwa, wanda in babu shi yakan zana layuka a hoton matuƙi, wani lokaci ya kashe allon. A duba kuma manhajar da ke cikinsa: an daina sabunta BLHeli_32 tun 2024, sababbin alluna da yawa sun koma AM32.

Sai a ƙarshe ake zuwa ga ƙwaƙwalwa, wadda a shagunan intanet za ka ga an rubuta mata FC, duk da cewa ita mutane ke fara saye. Tambayar farko ba ta shafi allon ba, ta shafi irin tashin da kake so. Betaflight an gina ta ne don matuƙin da ke riƙe da jirgi da hannunsa kowane lokaci. Wanda yake son jirgin ya tsaya da kansa wuri ɗaya, ya bi hanyar da aka zana masa a taswira, ya dawo gida in sadarwa ta yanke, INAV ko ArduPilot ne suka daɗe a wannan aiki, kuma suna son GPS da kamfas da ma'aunin tsayi na iska. Wannan zaɓi shi ke nuna guntun da za a nema. F405 da F722 sun ishi Betaflight da INAV. ArduPilot ba ta shiga F722 domin ma'ajiyarsa ta yi kaɗan, a F405 tana shiga a takure, ta fi sakewa a H743. Mutum ya sayi H743 don ya tashi da Betaflight a kan inci biyar, hotonsa ba zai fi na mai F405 kyau ba.

Abin da ya kamata a ƙirga shi ne ƙofofin jona na'urori, waɗanda ake rubuta wa UART. Na'urar karɓar umarni, irin ExpressLRS, tana cin ɗaya. Na'urar aika hoto tana cin ɗaya. GPS na cin ɗaya. Uku sun tafi, don haka allo mai ƙofa biyar ko shida ya fi, kuma nan ne alluna masu arha na F411 suke ba mutum kunya. Sannan a auna ramukan sukurori: firam na inci biyar yawanci milimita 30.5 ne tsakanin rami da rami, wasu 20, kuma allo ba ya shiga inda ba a huda masa ba. A tabbatar yana da ma'ajiyar Blackbox, mai rubuta duk abin da jirgi ya ji a sama, domin ranar da matsala ta zo ita ce shaida. In da hali a sayi ƙwaƙwalwa da ESC a haɗe daga kamfani ɗaya. Filogin da ke tsakaninsu kamanninsa ɗaya ne a ko'ina, amma jerin wayoyin ya bambanta, kuma waya ɗaya ta batir in ta faɗa inda ba nata ba, allon ya tafi.

A cikin ƙwaƙwalwar akwai wani ɗan guntu mai jin juyawar jirgi, irin MPU6000, BMI270 ko ICM-42688-P, kuma ta kansa ne zaɓen moto da farfela yake dawowa ya shafi hoto. Guntun ba ya bambance juyawar gaske da karkarwar moto. Farfela mai ɗan lanƙwasa ko moton da sandarsa ta karkace suna aika masa girgiza, ƙwaƙwalwa ta ɗauka jirgi ne ke tangaɗi, ta riƙa ba motoci umarnin gyara sau ɗaruruwa a daƙiƙa, su yi zafi a banza. Ita ma kyamara tana karanta hoto ne layi bayan layi daga sama zuwa ƙasa, don haka girgizar tana fitowa a bidiyo kamar gine-gine suna rawa. Da yawa sukan ɗora laifin a kan kyamara su sayi wata. Maganin yana farawa daga sabuwar farfela, da robobin da ake ɗora ƙwaƙwalwa a kansu ba tare da an matse su ƙam ba, da kunna tacewar da Betaflight ta kawo tun 2019, inda ESC ke gaya wa ƙwaƙwalwa gudun kowane moto domin ta cire daidai wannan karkarwar:

```
set dshot_bidir = ON
set motor_poles = 14
save
```

Lamba 14 ɗin yawan maganaɗisun da ke cikin hular moton 2207 ne. Ƙananan motoci da yawa 12 gare su, saboda haka a ƙirga da ido.

Gwajin farko ana yin sa ne babu farfela ko ɗaya a jiki, a ga kowane moto yana juyawa ta inda ya kamata. Bayan an ɗaura su, a tashi na rabin minti a fili, a sauka, a taɓa motocin. Ɗumi ba laifi ba ne. In yatsa ba zai iya zama a kai ba, kuma duka huɗun haka suke, to farfela ta yi nauyi, ko KV ta yi yawa, ko saitin tacewa bai yi ba. In guda ɗaya ne kawai ya yi zafi, a fara duba sukurorin da suka ɗaure shi, domin in sun yi tsawo suna taɓa kwayil daga ƙasa. Zafi mai yawa yana raunana maganaɗisu har abada, moton ya koma cin wuta da yawa yana ba da ƙarfi kaɗan. A ƙasarmu kuma akwai ƙura: motocin nan a buɗe suke, maganaɗisunsu na tsince ɓarɓashin ƙarfe daga yashi, boris ya fara ƙara. Shimfiɗa tabarma ko kwali a tashi daga kai ya fi tashi daga tsurar ƙasa, musamman da hunturu.

Saura batun hukuma. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta sanar cewa ba a tashin jirgi marar matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma haɗa jirgi da hannunka bai fitar da kai daga wannan doka ba. A yanayin tsaron da Arewa ke ciki babu mai hankalin da zai ce a bar abin sakaka. Sai dai takardar izini ba ta duba ko sukurori sun taɓa kwayil, kuma har yanzu an fi jin jami'ai a kan kamawa da ƙwacewa fiye da koyar da matasan da suka riga suka shiga sana'ar. Su ma matasan da nasu: jirgin da aka gama haɗawa jiya da dare, filin ƙwallo da babu kowa ya kamata ya fara gani, ya cinye batir goma ko fiye lafiya, kafin a kai shi kusa da taron jama'a.